Cizon Haƙora Cikin Barci: Me Ya Sa Muƙamuƙi Ke Ciwo da Safe?

Yawancin masu cizon haƙora cikin barci ba su san suna yi ba. Wanda yake kwana kusa da su ne ke fara ji: mace ta ji mijinta, uwa ta ji ɗanta, ɗalibin makarantar kwana ya ji na gadon sama, wata irin ƙara mai tayar da tsikar jiki cikin tsakar dare. Shi kuwa mai abin, iyakar saninsa ya farka da muƙamuƙi a gajiye, gefen kansa yana sara, in ya kurkure baki da ruwan alwalar asuba ya ji sanyin ya ratsa haƙori har cikin kai. Zuwa hantsi ciwon ya lafa, ya manta da shi, washegari ya dawo.

Abin ba baƙo ba ne. Ƙiyasin likitoci ya nuna kusan baligi ɗaya cikin goma yana yi a kai a kai. Ya fi yawa ga yara, yana kuma raguwa in shekaru suka ja. Matsalar ita ce, da zarar mutum ya gane yana da shi, shawarar farko da ake ba shi ita ce ya sayi robar baki ya riƙa sawa da dare, kamar dai ita ce maganin. Robar tana da amfani ƙwarai, amma ba ta hana cizon, kuma wadda aka zaɓa ba bisa ƙa'ida ba tana iya ƙara wa mutum wahala. Kafin a fahimci dalilin haka, sai an san inda cizon yake tasowa.

Daga ƙwaƙwalwa yake farawa

An daɗe ana zaton rashin daidaiton haƙora ne ke jawo shi, wato na sama da na ƙasa ba sa haɗuwa yadda ya kamata, sai baki ya yi ta gugarsu don su daidaita. Har akwai lokacin da likitoci kan goge kan haƙoran mutum da nufin magance shi. Binciken da aka yi a ɗakunan gwajin barci, inda ake liƙa wa mai barci wayoyi a kai da ƙirji da kumatu, ya sauya wannan fahimtar.

Barcin mutum ba a shimfiɗe yake ba daga kwanciya zuwa asuba. Sau da yawa cikin kowace awa ƙwaƙwalwa takan ɗan zabura na 'yan daƙiƙoƙi, ba tare da mutum ya farka ko ya tuna ba. A masu cizon haƙora an ga abubuwa suna zuwa bi da bi: ƙwaƙwalwa ta zabura, bugun zuciya ya ƙaru, numfashi ya yi zurfi, sannan tsokokin muƙamuƙi su kama aiki. Haƙoran su ne na ƙarshe a layin. Galibi hakan na faruwa a barci mara nauyi. Ko waɗanda ba su da matsalar ma, da yawansu muƙamuƙinsu kan ɗan motsa kamar mai tauna sau ɗaya ko biyu a awa. Bambancin mai cizon haƙora shi ne nasa ya fi yawa, ya fi ƙarfi, har haƙoran su gogi juna.

In aka tara duka lokacin da ake wannan cizon a dare guda, sau da yawa bai wuce 'yan mintuna ba. To me ya sa yake ɓarna haka? Idan mutum yana cin abinci, akwai loma tsakanin haƙoransa, yawu yana gudana, kuma in ya ci karo da tsakuwa a shinkafa nan take bakinsa zai buɗe da kansa. Cikin barci babu loma, yawu ya ragu sosai, gugar kuma ta gefe da gefe ce, wadda haƙori bai jure mata kamar yadda yake jure danni daga sama. Dutsen niƙa ne ake ta murzawa babu hatsi a kansa. Farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin mutum, amma kaurinsa bai wuce milimita 2 zuwa 2.5 ba a inda ya fi kauri, kuma in ya cinye ba ya tsirowa. Ƙarƙashinsa akwai sashe mai ruwan ɗorawa wanda ya fi taushi, yana saurin zaizayewa, shi ne kuma ke kai saƙon sanyi da zaƙi ga jijiyar haƙori.

Abin da ke rura shi

Tunda zaburar ƙwaƙwalwa ce ke gaba, duk abin da zai sa barci ya yi ta yankewa yana iya ƙara cizon. Mu ɗauki misalin tela ɗan shekara 38 a makonnin da ke gab da Sallah. Ɗinki ya yi masa yawa, masu kaya suna ta sintiri, ba ya tashi daga kan keke sai ƙarfe ɗaya na dare. Don ya kori gyangyaɗi yana cin goro, ya aika a karɓo masa shayi mai kauri wajen mai shayi, wani lokaci ya haɗa da lemon gwangwani na ƙarin kuzari, ga kuma taba da yake fita ya sha jefi-jefi. Matarsa ta yi masa maganar ƙarar haƙoransa ya fi a ƙirga, bai ɗauka da muhimmanci ba sai ranar da cikon turminsa na ƙasa ya fashe.

Wannan mutumin ya tara kusan duk abubuwan da aka sani. Damuwa da matsin lamba suna kan gaba. Goro da shayi da kofi da lemon kuzari duka suna ɗauke da sinadarin kafeyin, wanda jiki ke ɗaukar kimanin awa 5 kafin ya rage rabinsa. Ke nan goron da aka ci ƙarfe goma na dare, rabin ƙarfinsa yana nan a jini ƙarfe uku. Mutum yana iya yin barcin, amma barci ne mai yawan zabura. Taba da giya kowannensu an gano yana kusan ninka yiwuwar cizon haƙora. Ana kuma gadonsa: in ka bincika, sau da yawa za ka tarar uba ko uwa ko wani ɗan'uwa yana yi.

Akwai kuma magunguna. Wasu daga cikin waɗanda ake bayarwa don ciwon baƙin ciki da fargaba, irin su fuloksetin da satralin da faroksetin, sukan jawo cije baki ga wasu mutane, galibi cikin makonnin farko da fara sha ko da ƙara adadi. Wanda ya lura da haka kada ya yanke maganin da kansa, domin yankewa farat ɗaya tana da nata haɗarin. Ya koma wurin likitan da ya rubuta masa, akwai yadda za a rage ko a sauya. Ƙwayoyin maye masu sa kuzari su ma suna sa cizo mai tsanani.

Biyu kuma ba a cika kawo su a rai ba. Na farko ƙwannafi ne na dare, inda ruwan ciki mai tsami ke hawowa maƙogwaro. Yana katse barci, in kuma ya iso baki yana tausasa ɓawon haƙori, gugar ta ƙarasa shi cikin sauri. Na biyu shi ne ɗaukewar numfashi cikin barci, wanda za mu dawo kansa domin shi ne ke sauya zaɓin roba gaba ɗaya.

Yadda ake gane shi

Lokacin ciwon yana faɗin abubuwa da dama. Ciwon da ya fi tsanani da farkawa, ya riƙa sauƙi in rana ta ɗaga, ya fi kama da aikin dare. Wanda kuwa mutum ke tashi lafiya, sai yamma ta yi ya ji muƙamuƙi ya yi nauyi, ya fi kama da cije bakin rana, wanda direba ke yi cikin cunkoso ko mai duba waya ke yi bai sani ba. Mutane da yawa suna da duka biyun. Ga gwaji mai sauƙi: a yanzu da kake karanta wannan, haƙoranka na sama da na ƙasa suna taɓa juna? Bai kamata ba. In baki yana hutawa, leɓɓa a rufe suke amma akwai 'yar tazara ta milimita 2 zuwa 4 tsakanin haƙoran. Haɗuwarsu ta lokacin tauna da haɗiya ce kawai, wadda duka-duka ba ta wuce kimanin minti 20 a yini.

Idan telanmu ya zauna gaban likitan haƙori, abin da za a fara dubawa shi ne fiƙoƙinsa. Fiƙa mai lafiya tana da tsini. Tasa ta zama shafaffiya, tana ƙyalli, in kuma aka ce ya karkata muƙamuƙinsa gefe sai a ga shafaffen wurin na sama ya zauna daram a kan na ƙasa. Za a duba cikin kumatu, a ga farin layi daidai inda haƙora ke haɗuwa, a ga shatin haƙora a gefen harshe. Likita zai sa yatsa ya danna tsokar da ke kusurwar muƙamuƙi da wadda ke gefen kai, mutumin ya zabura domin nan ne ciwon yake, ko da shi a kunne yake jinsa. Da yawa daga masu wannan matsala sai sun sha ɗiga maganin kunne kafin su gane kunnen lafiyarsa lau, mahaɗar muƙamuƙi ce da ke dab da ƙofarsa. Za a kuma auna buɗewar baki. Mai lafiya yana buɗe milimita 40 ko fiye, wato yatsunsa uku a jere su shiga tsakanin haƙoran gaba.

Sai dai zaizayewar haƙori tarihi take bayarwa, ba ta tabbatar da cewa har yanzu ana cizon. Tana iya zama ta shekaru goma da suka wuce. Shi ya sa shaidar wanda ake kwana tare da shi take da nauyi, kuma mai kwana shi kaɗai yana iya ajiye waya ta naɗi sautin ɗakin dare biyu ko uku. A tuna kuma akwai masu cije baki shiru babu guga, waɗanda ba a jin komai daga gare su.

Ba kowane ciwon muƙamuƙi ne na cizon haƙora ba, kuma wasu ba sa jira. In akwai kumburin fuska da zazzaɓi, ko baki yana ƙara ƙin buɗuwa kullum, wataƙila ruɓaɓɓen haƙori ne ya tara mugunya. Muƙamuƙin da ya sandare kwanaki bayan an taka ƙusa ko an ji rauni mai datti yana iya zama cutar sarƙe haƙora. Ciwon muƙamuƙi da ke tasowa in an yi sauri ko an hau bene, tare da nauyin ƙirji ko gumi, yana iya zama daga zuciya. Wanda kuma ke farkawa ya ga ya ciji gefen harshensa har da jini, ko ya jiƙa shimfiɗa, a bincika farfaɗiyar dare. Waɗannan duka na asibiti ne a ranar.

Wace robar baki?

A fara da abin da take yi. Tana shiga tsakanin haƙoran sama da na ƙasa, ta karɓi gugar a madadinsu, ta kuma rarraba ƙarfin cizon a kan haƙora duka maimakon ya taru a kan biyu ko uku. Gwaje-gwaje sun nuna aikin tsokar kan ragu a dararen farko da fara sa ta, amma bayan mako ɗaya ko biyu yawancin mutane sukan koma cizonsu kamar da, sai dai yanzu a kan roba. Wasu suna samun sauƙin ciwon safe, wasu ba sa samu. Kare haƙori shi ne aikinta na tabbas.

Mafi arha ita ce wadda ake saya a shirye, ko wadda ake tsomawa a ruwan zafi ta yi laushi a ciza ta ɗauki siffar haƙora. Asalin irin wannan ta 'yan dambe da 'yan wasa ce, an yi ta don ta tare naushi na ɗan lokaci, ba don kwana ba. Telanmu ita ya fara saya. Ta cika masa baki, yawu ya yi ta zuba, rabin dare ya same ta a kan matashi, daren da ta zauna kuwa ya tashi da ciwon da ya fi na da. Wannan ba abin mamaki ba ne, domin abu mai laushi a baki yana jan mutum ya tauna shi. A wani ƙaramin bincike na 1987, likitan haƙori Jeffrey Okeson na Amurka ya gwada mutum 10 da iri biyu. Mai tauri ta rage aikin tsokar dare ga 8 daga cikinsu. Mai laushi ta rage ga mutum ɗaya tak, ta ƙara ga 5. Mutum goma ba su da yawa, amma sakamakon ya dace da abin da likitoci ke gani a ɗakin duba marasa lafiya. A ganina robar kanti ba ta wuce ta riƙon ƙwarya ba: mako biyu ko uku kafin a samu ganin likita, kuma in ciwo ya ƙaru a ajiye ta.

Wadda aka fi amincewa da ita ita ce mai tauri da ake yi wa mutum daidai bakinsa, da wata roba mai ƙarfi garai-garai da ake kira akirilik. Sanannen samfurinta ya samo sunansa daga Jami'ar Mishigan ta Amurka inda aka inganta shi. Kafin a yi ta, sai an gyara duk haƙorin da ya ruɓe ko ya fashe, domin in aka yi ciko daga baya ba lallai ta sake zama ba. Sannan a cika wani ɗan faranti da kwaɓi mai laushi a danna a kan haƙora na minti biyu ko uku a ɗauki siffarsu, a zuba filasta a ciki a fitar da kwafin bakin, masu haɗa haƙoran roba su gina ta a kai. Wasu asibitocin yanzu da na'ura suke ɗaukar siffar. Yawanci a haƙoran sama ake sa ta, kaurinta wajen turame kimanin milimita 2, kuma dole ta rufe haƙoran layin gaba ɗaya.

Ranar karɓa ita ce ranar aiki na gaske, kuma nan ne ake gane wanda ya iya. Likita zai sa wata siririyar takarda mai launi ya ce a ciza, ya duba inda tabo ya fito, ya goge wurin da ya yi tudu, ya sake gwadawa, har sai kowane haƙorin ƙasa yana taɓa robar daidai da ɗan'uwansa, hagu da dama. Akan sake dubawa bayan mako ɗaya ko biyu, saboda in tsokoki suka saki, zaman muƙamuƙi yakan ɗan sauya. Duk wanda aka miƙa masa roba a leda aka sallame shi ba tare da wannan daidaitawar ba, an ba shi rabin aiki ne. Sashen haƙori na asibitocin koyarwa, irin na Kano da Zariya da Sakkwato da Maiduguri, wuri ne da ya dace a fara tambaya.

Akwai wadda cikinta laushi bayanta tauri, ga wanda ya kasa jure mai tauri zalla. Akwai kuma 'yar ƙarama da ke rufe haƙoran gaba kaɗai. Tana rage ƙarfin cizo sosai, amma ina jan kunne a kanta: in aka daɗe ana sawa ba tare da sa idon likita ba, zaman haƙora yana iya sauyawa har na gaba su daina haɗuwa, ƙanƙantarta kuma tana sa a iya haɗiye ta ko a shaƙe cikin barci.

A tambayi minshari tukuna

Da a ce matar telan nan ta ƙara da cewa yana minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa cak sannan ya fizgo shi da ƙara, yana kuma gyangyaɗi da rana ko da ya kwanta da wuri, da lissafin ya sauya. Wannan alamar toshewar hanyar iska ce cikin barci, wadda ta fi kama masu ƙiba da masu kaurin wuya, tana kuma tafiya da hawan jini. Kowace toshewa tana zaburar da ƙwaƙwalwa, cizon ya biyo baya. Robar sama ta yau da kullum tana ɗan buɗe baki, ga wasu kuma hakan na barin muƙamuƙi da harshe su zame baya, toshewar ta ƙaru. Irin wannan mutumin gwajin barci yake buƙata. In an tabbatar, ana ba shi na'urar da ke hura iska ta hanci, ko wata robar daban mai hawa biyu da ke riƙe muƙamuƙin ƙasa gaba kaɗan don maƙogwaro ya zauna a buɗe, wadda ita ma tana rage cizon.

Kula da robar ba shi da wuya. A goge haƙora kafin a sa ta. Da safe a wanke ta da ruwan sanyi da sabulu da burushi na daban, a bar ta ta bushe a akwatinta mai huji. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta, haka ma barinta a mota cikin zafin bazara. Mai tauri takan yi shekaru, in kuma ta huje ko ta fara rawa a baki a mayar da ita. Wanda ya ga bayan cire ta da safe haƙoransa sun fi awa ɗaya ba su koma haɗuwa yadda suka saba ba, ya dakatar da ita ya ga likita.

Ciwon kansa kuwa, abin da ya fi saukar da shi yana hannun mai shi. Telan ya tsayar da goro da shayi daga la'asar, ya bar tabar dare, ya daina tsinke zare da haƙori da riƙe allura a baki. Safe da dare yana ɗora tsumma mai ɗumi a kumatu na minti 10 zuwa 15, yana murza tsokar a hankali. Na makonni biyu ya kauce wa ƙilishi da rake da cingam da guguru, ya kuma koyi duba kansa da rana, duk sanda ya ji haƙoransa a haɗe ya sake su. Farasitamol ko ibufurofen na 'yan kwanaki suna taimakawa, amma mai gyambon ciki ko ciwon ƙoda ko mai juna biyu ya nisanci na biyun sai da izinin likita. Ga waɗanda abin ya gagara, akwai allurar botoks da ake yi a tsokar muƙamuƙi. Tana rage ƙarfin cizon na wata 3 zuwa 4, sannan sai an sake, ga tsada. Bayan wata biyu, abin da ake sa ran gani ga mutum irinsa shi ne ciwon safe ya ragu ko ya tafi, robar kuma ta fito da shatin guga a kanta, alamar cizon yana nan amma ba haƙoransa ke biya ba.

Game da yara, an saba cewa tsutsar ciki ce ke sa su cizon haƙora, amma bincike bai tabbatar da wannan alaƙar ba. Yawancinsu suna dainawa da kansu in sun girma, kuma ba a cika yi musu roba ba saboda muƙamuƙinsu yana kan girma, haƙoransu suna kan sauyawa. Abin da ya kamata uwa ta lura da shi shi ne numfashin yaron. In yana barci baki buɗe, yana minshari, hancinsa kullum a toshe, a kai shi wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro a duba ko kumburin naman maƙogwaro ko na bayan hanci ne ke tare masa iska.